Naira Goma, Ashirin da Biyar, Hamsin: Yadda Ake Lissafin Abin da Ake Cirewa Idan An Tura Kuɗi ta Banki

Duk wanda ya tura kuɗi daga bankinsa zuwa wani banki a Najeriya ya san cewa abin da ke fita daga asusunsa ya kan ɗara abin da ya tura. Wani lokaci ƙarin naira goma ne da 'yan kwabbai, wani lokaci ya haura naira ɗari. Wannan ƙari tarin abubuwa uku ne da ake haɗawa, kowanne da dokarsa da inda kuɗinsa ke tafiya: ladan banki na tura kuɗin, harajin da ake ɗora wa ladan, sai kuma harajin naira 50 da ke hawa kan manyan turawa. Alkaluman da ke cikin wannan bayani su ne na jadawalin cajin bankuna da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, tare da sauyin haraji da ya shigo a farkon 2026. Babban Bankin Najeriya kan sabunta jadawalin lokaci zuwa lokaci.

Ladan banki da matakansa uku

Yawancin kuɗin da ake turawa nan take tsakanin banki da banki suna bi ta tsarin da kamfanin NIBSS ke gudanarwa, wato kamfanin da ke sasanta biyan kuɗi tsakanin bankunan ƙasar. Shi ya sa a takardar bayanin asusu ake ganin haruffan NIP a gaban irin wannan turawa. Kafin 2020, ladan da aka saba caja naira 50 ne, ko dubu ɗaya mutum ya tura ko dubu ɗari. Jadawalin 2020 ya karkasa shi zuwa matakai uku. Kuɗin da bai wuce naira 5,000 ba, ladansa naira 10. Daga naira 5,001 zuwa 50,000, naira 25. Abin da ya haura 50,000, naira 50, komai yawansa.

Akwai wani bambanci da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya lura da shi, domin ya saba da wani irin tsarin matakai dabam a harajin albashi. A can, ana yanka albashin ne kashi-kashi, kowane kashi a caje shi da nasa ƙimar, sannan a tara. A nan ba a yanka kuɗin. Ana duba jimlar abin da aka tura, a ga matakin da ta faɗa, a caji ladan wannan matakin shi kaɗai. Wanda ya tura naira 60,000 ba zai biya 10 na dubu biyar ɗin farko, da 25 na tsakiya, da 50 na sama ba. Naira 50 kawai zai biya. Wannan tsari ne ke haifar da tsalle a bakin kowace iyaka: naira ɗaya tak da ta ƙetare iyaka tana jefa dukkan kuɗin cikin mataki na gaba.

Waɗannan alkaluma iyaka ce ta sama. Banki ba shi da ikon ya wuce su, amma yana iya karɓar ƙasa da su ko ya yafe gaba ɗaya, kuma da haka ne wasu kamfanonin kuɗi na manhajar waya suka ja kwastomomi, suna ba da turawa kyauta. Haka nan idan mai turawa da mai karɓa duk a banki ɗaya suke, kuɗin ba ya bi ta NIBSS, saboda haka ba a cajin wannan lada.

Harajin da ke kan ladan

Abu na biyu shi ne harajin kayayyaki da hidimomi, wanda ke bayyana a takardar banki da sunan VAT. Tun 1 ga Fabrairun 2020 ƙimarsa kashi 7.5 cikin ɗari ce, bayan Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga shi daga kashi 5. A nan ne ake yawan samun ruɗani, har jita-jita ta kan yaɗu a kasuwa cewa za a riƙa cire kashi 7.5 na duk abin da mutum ya tura. Harajin yana hawa kan ladan banki ne kaɗai, ba ya taɓa uwar kuɗin. Wanda ya tura naira miliyan ɗaya, harajin da zai biya shi ne kashi 7.5 na naira 50, wato naira 3.75, ba naira 75,000 ba.

Da wannan ne ake samun alkaluman nan masu kwabbai da kowa ya saba gani a alat. Kashi 7.5 na naira 10 kwabo 75 ne, jimla 10.75. Na naira 25 shi ne 1.875, wanda ake cikashe shi zuwa 1.88, jimla 26.88. Na naira 50 kuwa 3.75, jimla 53.75. Wasu bankuna kan nuna ladan da harajin a layi biyu dabam-dabam, wasu su haɗe su a layi guda, amma jimlar ɗaya ce.

Naira 50 ta gwamnati

Abu na uku shi ne wanda ya fi sauya suna da kama. Asalinsa harajin kan sarki ne, irin wanda a da ake biya ta hanyar manna kan sarki a jikin rasit. A Janairun 2016 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire naira 50 a kan kuɗin da ya shiga asusu daga naira 1,000 zuwa sama. Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga iyakar zuwa naira 10,000. Ta 2020 kuma ta raɗa masa sabon suna, harajin tura kuɗi ta na'ura, wanda aka riƙa gani a takardun banki da haruffan EMTL. A duk tsawon wannan lokaci daga asusun mai karɓa ake cire shi. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay sun fara cire shi daga 1 ga Disambar 2024.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, ta mayar da shi sunansa na asali, ta kuma juya nauyin biyansa zuwa kan mai turawa. Yanzu a takardar asusu an fi ganinsa da sunan Stamp Duty. Adadinsa bai sauya ba: naira 50 sau ɗaya a kan kowace turawa ta naira 10,000 ko fiye. Ba a ɗora masa harajin kashi 7.5, domin shi kansa haraji ne. Banki ba ya cin ko kwabo a ciki, wakili ne kawai mai karɓa ya miƙa wa hukumar tara haraji, shi ya sa ko manhajar da ke tura kuɗi kyauta ba ta iya yafe shi.

An keɓe biyan albashi daga wannan haraji, haka ma kuɗin da mutum ya matsar tsakanin asusunsa biyu da ke banki ɗaya. Amma kasancewar mutum biyu a banki ɗaya ba ya ɗauke shi. Ma'aikacin da ya tura wa uwargidansa naira 30,000 na cefane, idan bankinsu ɗaya ne, ladan banki zai faɗi amma naira 50 tana nan. Idan bankunansu dabam ne, zai biya 76.88.

Sauyin na 2026 ya shafi wata al'ada da ta kafu a kasuwanni. Tun da a da mai kaya ne ke ganin an zare masa naira 50 bayan an biya shi, da yawa sun saba cewa mai saye ya ƙara hamsin “ta caji”. A ƙarƙashin sabon tsari mai saye ya riga ya biya wannan hamsin daga nasa asusun. Idan ya sake ƙara ta a kan kuɗin kaya, ya biya sau biyu kenan, kuma ta biyun aljihun mai kaya ta shiga. Wannan dabam yake da ladan da wakilan banki masu na'urar cirar kuɗi ke karɓa a bakin titi, wanda kuɗin aikinsu ne.

Yadda ake haɗa lissafin

Ga turawa daga banki zuwa wani banki, lissafin yana tafiya kamar haka:

```
abin da ya fita = kuɗin da aka tura + (lada × 1.075) + 50
(50 tana shiga ne idan kuɗin ya kai 10,000)
```

Da yake iyakar harajin naira 50 ta faɗo ne a tsakiyar mataki na biyu na ladan banki, matakan da mai turawa ke fuskanta a zahiri huɗu ne, ba uku ba. Har zuwa naira 5,000, cajin 10.75 ne. Daga 5,001 zuwa 9,999, ya koma 26.88. Daga 10,000 zuwa 50,000, ya zama 76.88. Daga 50,001 zuwa sama, ya tsaya a 103.75, ba ya ƙara motsi.

Iyakokin biyu ba iri ɗaya suke aiki ba, kuma nan ne mutane kan yi kuskure. A ladan banki, adadin da ke daidai kan iyaka yana cikin matakin ƙasa: naira 50,000 cif ladanta 25 ne, sai an ƙetare ta ake biyan 50. A harajin kan sarki kuwa, adadin da ke kan iyaka yana ciki: naira 10,000 cif ta riga ta jawo hamsin. Shi ya sa tsalle mafi girma a dukkan tsarin yake tsakanin 9,999 da 10,000, inda naira ɗaya ke ninka cajin kusan sau uku.

Idan aka auna cajin da girman kuɗin, sai a ga wanda nauyin ya fi danne wa. Mai tura naira 1,000 yana biyan fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsa. Mai tura 10,000 yana biyan kusan kashi 0.77. Mai tura miliyan ɗaya yana biyan kusan kashi 0.01. Matakan sun sassauta wa ƙananan masu turawa idan aka kwatanta da naira 50 ta bai ɗaya da ake karɓa a da, amma ba su kawar da wannan karkata ba. Mai aika wa ɗansa kuɗin makaranta kaɗan-kaɗan ya fi dillalin da ke biyan kuɗin tirela guda jin cajin a jikinsa.

Yini guda a shagon atamfa

A ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda a yini ɗaya ya yi turawa biyar ta manhajar bankinsa, duka zuwa wasu bankuna. Ya tura wa ɗan dako naira 3,500. Ya biya mai gyaran janareta 8,000. Ya aika gida da 10,000. Ya biya direban da ya ɗauko kaya 48,000. Sannan ya tura wa dillalinsa na Legas 750,000. Uwar kuɗin ta kama naira 819,500.

Ta ɗan dako tana matakin farko, cajinta 10.75. Ta mai janareta ta wuce dubu biyar amma ba ta kai dubu goma ba, saboda haka 26.88. Ta gida ta taɓa iyakar haraji, 76.88. Ta direba ita ma 76.88, duk da ta ninka ta gida kusan sau biyar, domin mataki ɗaya suke. Ta Legas 103.75. Jimlar caji naira 295.14. Idan aka warware ta, naira 135 ladan banki ne, 10.14 harajin da ke kan ladan, 150 kuma harajin kan sarki na turawa uku. Fiye da rabin abin da mai shagon zai kira “cajin banki” gwamnati ya tafi.

Lissafin bai ƙare nan ba idan asusun nasa na kasuwanci ne, wanda ake kira karant. Jadawalin 2020 ya ba banki damar karɓar kuɗin kula da irin wannan asusu har zuwa naira ɗaya a kan kowace dubu da mai asusu ya fitar zuwa ga wani. Wannan ba shi da matakai, yana girma ne tare da kuɗin. A kan 819,500 ya kama naira 819.50, a ƙara harajin kashi 7.5, wato 61.46, ya zama 880.96. Ba a cire shi nan take. Bankuna sukan tara shi su cire a ƙarshen wata, shi ya sa mai asusu ba ya danganta shi da turawar da ta jawo shi. Ga ɗan kasuwa mai juya manyan kuɗi, wannan ne cajin da ya fi cin aljihu, kusan ninki uku na duk sauran a wannan misali, kuma shi ne wanda jadawalin ya ce ana iya daidaitawa a kansa da banki. Asusun ajiya ba ya biyan sa.

Sai saƙon alat, wanda manyan bankuna suka ɗaga daga naira 4 zuwa 6 a Mayun 2025. Turawa biyar sun jawo naira 30. Jimlar abin da yinin ya ci wa mai shagon, ban da uwar kuɗi, naira 1,206.10 ce idan asusun karant ne kuma ana cajinsa cikakkiyar naira ɗaya a kan dubu. Idan asusun ajiya ne, 325.14. Da ya yi turawar ta hanyar danna lambobi a ƙaramar waya maimakon manhaja, da kowane zama ya ƙara masa naira 6.98, wadda tun 2025 aka koma cirewa daga katin wayar.

Ko rarraba kuɗin yana rage caji

Tun da akwai tsalle a bakin iyaka, a wasu adadai rarrabawa tana sauƙaƙa cajin. Naira 10,000 a tafi ɗaya tana cin 76.88. A raba ta gida biyu, dubu biyar-biyar, sai ta ci 21.50, an rage 55.38. Naira 55,000 a tafi ɗaya 103.75 ce, amma 50,000 da 5,000 dabam-dabam sun kama 87.63.

Sai dai ribar tana ƙarewa da wuri. Turawa bakwai na dubu biyar-biyar, wato 35,000, suna cin 75.25, kusan daidai da 76.88 na tafi ɗaya. A ta takwas an fara asara. Idan kuma aka saka naira 6 ta alat a kan kowace turawa, ribar ta ƙare tun kafin a kai 30,000: turawa shida za su ci 100.50, alhali tafi ɗaya 82.88 ce. A manyan kuɗi kuwa rarrabawa asara ce tsantsa, domin kowane kashi yana jawo nasa hamsin. Naira 100,000 da aka raba gida biyu tana cin 153.76 maimakon 103.75. Wanda iyakar abin da bankinsa ya yarje masa ya tura a lokaci guda ta tilasta masa yanka babban biya gida huɗu, ya biya cikakken caji sau huɗu, kuma maganin wannan shi ne ya nemi bankin ya ɗaga masa iyakar.

Akwai kuma tsadar da ba ta bayyana a alkaluma. Kowace turawa tana iya maƙalewa a hanya, kuma ɗan kasuwar da ya biya kaya ɗaya da rasit huɗu ya wahalar da kansa ranar da gardama ta taso kan ko an biya.

Yadda ake gane cajin da ba daidai ba

Takardar bayanin asusu ta wata guda ta isa a tantance komai, kuma alkaluman da kansu suna nuna asalinsu. Duk cajin da ya ƙare da kwabo 75 ko 88, kamar 10.75 da 26.88 da 53.75, ladan turawa ne da harajinsa. Harajin kan sarki kuwa dole ne ya rabu da 50 ba tare da saura ba. Wasu bankuna ba sa cire shi a kan kowace turawa, sukan tara na kwanaki su cire a dunƙule, shi ya sa mutum kan wayi gari ya ga an zare masa naira 350 ba tare da ya tura komai ba. A raba 350 da 50, a sami bakwai, sannan a ƙirga turawar da ta kai 10,000 a wannan tsakani. Idan bakwai ne, lissafi ya daidaita. Idan biyar ne, akwai naira 100 da ke buƙatar bayani.

Kurakuran da suka fi aukuwa sanannu ne. Akwai cire hamsin a kan kuɗin da bai kai 10,000 ba, ko a kan kuɗin da mutum ya matsar tsakanin asusunsa biyu na banki ɗaya. Akwai cire ta daga mai karɓa a kan kuɗin da ya shigo bayan 1 ga Janairun 2026, ko da yake a nan sai an duba ranar turawar, domin cajin da aka tara na ƙarshen Disamba yana iya bayyana a Janairu. Akwai kuma turawar da ta gaza, aka mayar da uwar kuɗin amma aka riƙe ladan. Wanda ya tura 48,000 aka cire masa 48,026.88, ya kamata wannan adadin ne ya dawo, tare da hamsin idan an riga an cire ta, domin aikin da aka caje shi a kai bai faru ba.

Ƙorafi yana farawa ne daga bankin mutum, a rubuce, da ranar cajin da adadinsa da lambar shaidar turawar, a kuma karɓi lambar da ke nuna an shigar da ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai a miƙa shi ga sashen kare haƙƙin kwastomomi na Babban Bankin Najeriya, tare da wannan lambar da kwafin takardar asusun. Jadawalin 2020 ya tanadi tarar naira miliyan biyu a kan kowane saɓawa da banki ya yi wa ƙa'idojin caji, ban da mayar wa mai asusu abin da aka cire masa ba bisa ƙa'ida ba.